Kafin a biya: yadda ake tantance lissafin kuɗin tafiyar aiki

Ma'aikacin da aka ba kuɗi ya tafi aiki a wani gari, idan ya dawo akwai sauran aiki a gabansa. Sai ya zauna ya rubuta abin da ya kashe, ya haɗa da rasitai, ya miƙa wa sashen kuɗi. A ofisoshinmu ana ce wa wannan yin ritayar kuɗi. Daga nan takardar za ta je teburin akanta ko mai binciken kuɗi na cikin gida, shi kuma ya bi ta layi-layi da tambaya biyu: shin wannan kuɗin yana da shaida, kuma bai wuce iyakar da aka yanka ba? A ma'aikatun gwamnatin tarayyar Najeriya, Dokokin Kuɗi na 2009 sun wajabta wa wanda ya karɓi irin wannan kuɗin ya yi ritayarsa, kuma rahotannin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya sun sha kokawa da kuɗaɗen da aka karɓa ba a yi musu ritaya ba. Kamfanoni da ƙungiyoyi kuwa kowa da ƙa'idarsa a rubuce.

Mu ɗauki misali. Wata ƙungiya a Kano ta tura jami'inta taro Abuja, yini huɗu da kwana uku, ta ba shi naira 240,000. Ƙa'idarta ta ce masauki kada ya wuce 35,000 a dare, abinci 10,000 a yini, duk abin da ya haura 5,000 sai da rasit, sayayyar da ta kai 50,000 kuma sai shugaban sashe ya sa hannu tun kafin a yi ta. Jami'in ya dawo ya kawo lissafin 260,875, wato yana bin ƙungiya 20,875.

Mai tantancewa ba ya fara da jimilla. Yakan fara da takardar izinin tafiya, ya ga ranar fita da ranar dawowa, domin duk rasitin da kwanan watansa ya faɗo wajen waɗannan ranakun yana buƙatar bayani. Bayan haka ne zai jera rasitai kusa da layukan lissafin, kowane da nasa.

Takardar otal ta nuna 116,875. Kwana uku a kan 35,000 ya kama 105,000, saboda haka da gani za a ce an yi ƙari da 11,875. Mai gaggawa nan zai ja jan layi ya wuce, kuma zai zalunci mutum. Idan aka karanta takardar daki-daki, ɗakin kansa 35,000 ne cif a dare. Harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, ya ƙara 7,875. Sauran 4,000 kuɗin wanki da guga ne. Wankin kaya buƙatar mutum ce ta kansa, ƙa'idar ba ta ɗauke shi ba, don haka ya fita. Harajin kuwa sai an koma an duba abin da ƙa'ida ta ce: iyakar 35,000 har da haraji ce, ko kafin haraji? A misalinmu kafin haraji ce, don haka 7,875 ya wuce lafiya. Inda ƙa'ida ta yi shiru a kan wannan, bai kamata akanta ya yanke hukunci da son ransa ba. Ya tambayi na sama, a rubuta amsar, ta zama doka ga kowa daga ranar.

Abinci ya zo da akasin haka. Jimillarsa 38,000, ƙasa da 40,000 na yini huɗu, ga shi kamar ba matsala. Amma iyakar ta yini ce, ba ta tafiya gaba ɗaya ba, kuma a yini na biyu an kashe 17,000. An haura da 7,000 ke nan, ko da sauran ranakun an tsuke baki. Wannan shi ya sa dole a auna kowane kuɗi da ma'aunin da aka yanka masa, na dare da dare, na yini da yini. Wasu wuraren sun huta da wannan lissafi ta hanyar biyan alawus ɗin yini kai tsaye, kamar DTA na ma'aikatan gwamnati, inda abin dubawa shi ne matakin ma'aikaci da yawan kwanakin da ya yi.

Sai batun rasitin da babu. Kuɗin mota 18,000 zuwa, 18,000 dawowa. Tikitin zuwa yana nan, na dawowa ya ɓata, jami'in ya manna hoton alat ɗin banki a madadinsa. Alat, ko 'yar takardar da na'urar POS ke fitarwa, shaida ce cewa kuɗi ya fita daga asusu. Ba ta faɗin abin da aka saya. Cikakken rasit yana ɗauke da sunan mai sayarwa, kwanan wata, abin da aka saya da kuɗinsa. To amma rashin rasit daban yake da wuce iyaka, kuma ina ganin haɗa su wuri ɗaya shi ne babban kuskuren da ake yi. Wanda ya wuce iyaka an san abin da ya kashe, magana ce ta wa zai biya ƙarin. Wanda ba shi da rasit mai yiwuwa ne bai karya wata doka ba, shaida ce kawai ba ta cika ba. Tunda mutum ya je Abuja kuma ga shi ya dawo, ai bai dawo a ƙafa ba. Sai a dakatar da layin, a nemi ya karɓo kwafi daga kamfanin motar, ko ya cike takardar ɓatan rasit shugabansa ya sa hannu. Abin lura shi ne wanda takardar ɓatan rasit ta zame masa al'ada a kowace tafiya.

Kuɗin zirga-zirga a cikin gari, 12,000 a yini huɗu, ba ya ɗaukar lokaci. Ba wanda ke karɓar rasit wurin ɗan tasi, kuma kowace tafiya ba ta kai 5,000 ba. Ya isa a rubuta daga ina zuwa ina, da nawa aka biya.

Wanda ya fi buƙatar ido shi ne kuɗin buga takardun taro. Rasit biyu ne, ɗaya 30,000, ɗaya 28,000, kowanne ƙasa da 50,000. Amma shago ɗaya ne, rana ɗaya, rubutun hannu ɗaya, lambobin rasitan ma suna bin juna. Idan aka haɗa su 58,000 ne, wanda sai da sa hannun shugaba. Raba sayayya gida biyu domin a zille wa iyaka tsohuwar dabara ce, kuma ba a gane ta sai an ajiye rasitai kusa da juna. Mai yiwuwa ne kuma takardun sun kasa ne aka koma aka ƙaro. Mai tantancewa bai san wanne ba ne, saboda haka abin da ya gani kawai zai rubuta, ba abin da yake zargi ba.

Takardar da za ta koma wa jami'in gajeriya ce: an cire 4,000 na wanki da 7,000 na abinci, an dakatar da 18,000 sai an kawo shaida, an dakatar da 58,000 sai shugaban sashe ya amince a rubuce. Kowane layi da lambar rasitinsa, da sashen ƙa'idar da aka dogara da shi, da ranar da ake jiran amsa. Idan ya cika duka biyun, abin da aka amince da shi 249,875 ne, za a biya shi 9,875. Idan bai cika ko ɗaya ba, abin da ya tsaya 173,875 ne, shi ne zai mayar wa ƙungiya 66,125, a kuma ba shi rasitin abin da ya mayar.