3.4 Daidaita Lokutan Aiki a Rahoton Aukuwar Wani Abu

Rahoton aukuwar wani abu shi ne bayanin da ake rubutawa bayan faruwar gobara ko sata ko haɗari, domin hukuma ta san abin da ya faru, da yadda ya faru daki-daki. Irin wannan rahoto yana ɗauke da lokuta guda biyu, wato lokacin da abin ya auku da kuma lokacin da ake rubutun. Yawancin kurakuran da za a duba a wannan sashe suna tasowa ne daga cakuɗa waɗannan biyu, ta yadda mai karatu zai kasa gane wanne ake nufi.

Da farko ya kamata a lura cewa aikatau na Hausa ba ya sauya siga don nuna jiya ko yau, kamar yadda na Ingilishi yake yi. Zagin aikatau da lamirin lokaci su ne ke wannan aiki, kuma abin da suka fi nunawa shi ne ko aikin ya kammala ko yana cikin gudana. Saboda haka "yana barci" tana iya nufin yanzu, tana kuma iya nufin daren jiya, gwargwadon abin da ya gabace ta. Ke nan daidaita lokaci a Hausa ba shi ne a cika rahoto da siga guda daga farko har ƙarshe ba. Abin da ake bukata shi ne kowace siga ta tsaya a kan aikinta. Ga misalin rahoton da aka tsara don bayani, game da gobara a siton wata makaranta:

(1) Da misalin ƙarfe 2:15 na daren Litinin masu gadi biyu suka ji ƙaurin hayaƙi. Suka nufi sito. Sun tarar da ƙofa a kulle. Suka ɓalle ta, katifu shida suka ƙone. An kashe wutar da yashi. Mai kula da sito yana gida. Ya ce makulli yana hannunsa.

Babu jimla ko ɗaya a misali na (1) da ta saɓa wa nahawu idan aka ware ta ita kaɗai. Matsalar tana wajen haɗuwarsu ne. Marubucin ya fara daidai, domin ya kafa lokaci da bayanau, sannan ya bi shi da shuɗaɗɗen lokaci na II (suka ji, suka nufi). Wannan siga ita ce ta jeranta ayyuka a labari, kamar yadda Newman (2000) ya nuna, wato kowane "suka" yana zuwa ne bayan wanda ya gabace shi. Amma da ya ce "sun tarar" sai ya koma shuɗaɗɗen lokaci na I, wanda ke bayar da aiki a matsayin abin da ya kammala, ba tare da ɗaura shi a jerin ba. A nan ɓarnar kaɗan ce, don hankali zai cike gurbin. A "an kashe wutar" kuwa ta fi girma, domin ba a san ko nan take aka kashe ta ba, ko sai da gari ya waye, ba a kuma san wanda ya kashe ba.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne na "katifu shida suka ƙone". A nan marubucin ya yi amfani da sigar jerantawa a inda ba ta dace ba. Tun da "suka ƙone" ta biyo bayan "suka ɓalle", abin da rubutun ya faɗa shi ne katifun sun ƙone bayan masu gadi sun shiga, wato a gaban idonsu. Idan kuwa gaskiyar magana ita ce sun iske su a ƙone, to rahoton ya ɗora musu laifin sakaci da ba su yi ba, kuma kwamitin bincike da abin da ke rubuce zai yi aiki. Aikin da ya gabaci wurin da labari ya kai, shuɗaɗɗen lokaci na I yake bukata, galibi tare da "riga": "katifu shida sun riga sun ƙone". Wannan ya nuna cewa "sun" tana da gurbi a tsakiyar rahoto, sai dai gurbin waiwaye ne.

Jimloli biyu na ƙarshe kuma su ne inda da da yanzu suka cakuɗa. "Yana gida" lokaci mai ci ne, kuma an fara sabuwar jimla da shi ba tare da wani bayanau ba. Mai karatu yana iya fahimtar cewa mutumin yana gida a daren gobarar, ko kuma yana gida a yau da ake rubutu, wataƙila don an dakatar da shi. Haka ma "makulli yana hannunsa", ba a san ko a daren ne ko a ranar da aka yi masa tambaya ba. Maganin wannan ba sauya "yana" ba ne, domin Hausa ba ta da wata siga ta daban ta aiki mai ci a da. Ana ɗaure ta ne da kalmomi irin su "a lokacin" ko "a daren" ko "sa'ad da". Ga yadda rahoton zai kasance bayan gyara:

(2) Da misalin ƙarfe 2:15 na daren Litinin masu gadi biyu suka ji ƙaurin hayaƙi. Suka nufi sito, suka tarar da ƙofa a kulle, suka ɓalle ta. Kafin su shiga, katifu shida sun riga sun ƙone, wuta kuma tana ci a kusurwar gabas. Suka kashe ta da yashi da misalin ƙarfe 2:40. A lokacin, mai kula da sito yana gida. Washegari da aka tambaye shi, sai ya ce makulli yana hannunsa a daren gobarar.

A halin yanzu siton yana rufe, ana kuma jiran mai gyaran wutar lantarki.

Za a ga cewa an ware abin da ya shafi lokacin rubutu a sakin layi na daban, aka buɗe shi da "a halin yanzu". Da an bar shi a cikin sakin layi na farko, da "yana rufe" ta koma daren Litinin.

Akwai wata wahala da ta shafi rubutu kawai, wadda sau da yawa ita ke ɓoye wa marubuci kuskurensa. A jam'i, bambancin shuɗaɗɗun lokutan biyu a fili yake: mun da muka, kun da kuka, sun da suka, haka ma an da aka. Amma a tilo, "na" da "ka" da "ya" da "ta" rubutunsu ɗaya ne a lokutan biyu, domin tsawon wasali ne ya raba su, daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa kuwa ba ta nuna tsawon wasali. Idan da mai gadi ɗaya ne a misali na (1), da "ya nufi", "ya tarar", "ya ɓalle" duk sun yi kama da juna a ido. Hanyar gwaji ita ce marubuci ya mayar da mai aikin jam'i a ransa, ya sake karantawa. Inda kunnensa ya ba shi "suka", aikin yana cikin jeri. Inda ya ba shi "sun" a tsakiyar jeri, to sai ya duba ko waiwaye yake nufi, idan haka ne ya ƙara "riga" ko "kafin nan", tun da mai karatu ba zai ji tsawon wasalin ba.

Wannan gwaji ba ya aiki a jimlar korewa, domin "ba su tarar ba" ita ce korewar "sun tarar" da "suka tarar" baki ɗaya. A irin wannan wuri sai a dogara da agogo, a rubuta, alal misali, "har ƙarfe 2:40 motar kashe gobara ba ta iso ba".