Tayil Ɗaya Ba Ya Cika Ɗaki: Kuskuren Awon Da Ke Cinye Wa Ɗalibai Maki

Duk malamin lissafin da ya taɓa duba takardun jarrabawa a sakandare ya san wannan gardamar. Ɗalibi ya taso da takardarsa a hannu, rai a ɓace, yana nuna inda jan biro ya ratsa amsarsa: "Malam, ai santimita 100 ne a cikin mita ɗaya, kuma da 100 ɗin na raba." Abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma malamin ma bai zalunce shi ba, domin 100 ɗin da yaron ya riƙe ta awon tsawo ce kawai, ita kuwa tambayar a kan faɗin fili take.

A ɗauki tambayar da aka saba gani. Tayil mai tsawon santimita 40 da faɗin santimita 40, nawa ne girmansa a murabba'in mita? Ɗalibin ya fara daidai: 40 sau 40 ya ba shi murabba'in santimita 1,600. A mataki na biyu ne ƙafarsa ta zame. Ya raba 1,600 da 100, ya rubuta murabba'in mita 16, ya ja layi biyu a ƙasa.

Da ya ɗan tsaya ya auna amsar da idon basira, da shi da kansa zai soke ta. Murabba'in mita 16 shi ne daɓen ɗaki mai mita huɗu a tsawo, huɗu a faɗi, wanda zai ci gado da kujeru har da sauran wurin shimfiɗa darduma. Amsarsa tana cewa tayil guda, wanda yaro zai ɗauka da hannu biyu, ya rufe ɗakin kaf. Kowane mai sa tayil zai ce masa ɗakin nan guda 100 zai ci, goma a jere, layi goma, ban da na fashewa. Amsar gaskiya ita ce 0.16.

Dalilin ba boyayye ba ne. Murabba'in mita ɗaya fili ne mai mita ɗaya ta nan, mita ɗaya ta can. In aka tsaga shi da santimita, za a sami ƙananan gidaje 100 a layi ɗaya, kuma layukan su ma 100 ne. Jimla 10,000 ke nan. Tsawo ya nemi 100 tasa, faɗi ma ya nemi tasa, ɗalibin kuwa ɗaya kaɗai ya biya:

1 m² = 100 cm × 100 cm = 10,000 cm²

Wani ɓangare na laifin yana ga yadda ido ke karanta alamar. Da yawa suna ganin ƙaramar lambar 2 da ke saman cm² kamar ado ne da ake liƙawa a ƙarshen amsa, don mai dubawa ya san faɗin fili ake nufi. A ƙa'idar ma'aunin ƙasa da ƙasa, lambar nan ta hau kan santimitar gaba ɗayanta, wato santimita sau santimita. To tunda santimita kashi ɗaya ce cikin 100 na mita, dole kason ya ninku sau biyu shi ma.

Inda ɓarnar ta fi muni shi ne awon abin da cikin wuri ke ɗauka, domin a nan zurfi ya shigo a matsayin na uku. A ce tankin ruwa na ƙasa ne, tsawonsa santimita 200, faɗinsa 150, zurfinsa 100. In aka ninka su za a sami kubik santimita miliyan 3. Mai rabawa da 100 zai ce tankin yana cin kubik mita 30,000. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, don haka yaron ya yi iƙirarin cewa an zuba lita miliyan 30 a ramin da bai kai girman shago ba. Irin tankokin dakon man fetur masu ɗaukar lita 33,000, sai an jero sama da 900 kafin su kwashe wannan ruwa. Abin da ya kamata a raba da shi shi ne 100 sau 100 sau 100, wato miliyan ɗaya, amsar ta zama kubik mita 3. Lita 3,000 ke nan, jarka 120 mai cin lita 25, kuma wannan adadi ne da kowane ɗan garuwa zai yarda da shi. Amsar ɗalibin ta ninka gaskiya sau 10,000, shi ya sa babu mai duba jarrabawa da zai kira ta 'yar tuntuɓe. Ko ya ba da makin matakin farko, makin juya ma'auni da na amsa sun tafi.

Matsalar ba ta tsaya a aji ba. Har yau a garuruwan Arewa da ƙafa ake cinikin fuloti, a ce hamsin da ɗari, alhali masu safiyo da mita suke rubuta girman fili a takarda. Tun yarjejeniyar 1959 aka tsayar da ƙafa ɗaya a kan mita 0.3048. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da murabba'in ƙafa 5,000. Wanda ya ninka 5,000 da 0.3048 sau ɗaya zai sami murabba'in mita 1,524, ya ɗauka yana da filin da ya fi nasa sau uku da ɗoriya. Ranar da ya ga 464.5 a takardar safiyo sai ya fara zargin an yanke masa fili, alhali ko taku ɗaya ba a taɓa ba.

Hanyar da ta fi tsare mutum ita ce ya juya kowane gefe tun kafin ya ninka. Ƙafa 50 ta zama mita 15.24, ƙafa 100 ta zama mita 30.48, a ninka su a sami 464.5. Tayil ɗin nan ma haka: santimita 40 mita 0.4 ce, 0.4 sau 0.4 kuwa 0.16. Tankin ya koma mita 2 da 1.5 da 1, amsa 3 ta fito ba tare da jerin sifili ba. Wanda ya bi wannan hanya ba ya bukatar haddace 10,000 ko miliyan, domin ninkawar ta yi kanta. A ganin mai wannan rubutu, ita ya kamata a fara koya wa yara, jadawalin hadda ya biyo baya.

Sai dai akwai waɗanda in sun ji wannan darasi sukan wuce gona da iri, su kama ninka kowace lamba sau biyu ko sau uku. Mililita 1,000 ne a lita ɗaya, kuma a nan babu abin da za a ƙara ninkawa, don lita tun asali ma'aunin ciki ce: akwati mai santimita 10 a kowane gefe, wanda 10 sau 10 sau 10 ya riga ya ba da 1,000 ɗinsa. Hekta ma haka, murabba'in mita 10,000 ce kai tsaye, gona mai mita 100 ta kowane gefe. Ana ninkawa ne kawai idan lambar da ke hannu ta awon tsawo ce, kamar 100, ko 1,000 ta kilomita, ko 0.3048, aikin kuma na fili ne ko na ciki. Shi ya sa murabba'in kilomita ɗaya yake murabba'in mita miliyan ɗaya, daidai da hekta 100.

Ga malamai, abin nan ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A zana murabba'in mita ɗaya da alli a daɓen aji, a ba ɗalibi rula ya zana murabba'in santimita ɗaya a kusurwarsa, sannan a tambayi ajin ko guda 100 irinsa za su cika wurin. Su kuma ɗaliban da ke shirin WAEC ko NECO, kafin su ja layi a ƙarƙashin amsa, su duba ko lambar da suka samu ta yi kama da girman abin da aka ce su auna.