Godiyar Mai Neman Aiki Ga Wanda Bai Sani Ba

Duk wanda ya daɗe yana yawo da takardunsa a cikin ambulan ya san cewa labarin gurbin aiki ba kasafai yake fitowa daga cikin gida ba. Yakan fito ne daga bakin wanda aka zauna kusa da shi a mota, ko wanda aka haɗu da shi a layin banki, ko wani dattijo da aka gaisa da shi bayan sallar Juma'a. Mutumin zai ce, "Ai kuwa na ji makaranta kaza na neman malami, ka je ka gwada." Daga nan kowa ya kama gabansa. Da yawa sukan je, wasu har su dace, amma kaɗan ne suke waiwayar wanda ya yi musu nunin.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Mark Granovetter, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya tambayi ma'aikata a garin Newton da ke kusa da Boston yadda suka samu aikin da suke yi, ya fitar da sakamakon a wata maƙala a 1973 da kuma littafi a 1974. Fiye da rabinsu ta hanyar wani mutum suka ji labarin aikin. Abin da ya ja hankali shi ne, a cikin waɗanda ya bi diddiginsu, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan haɗuwa da mutumin. Sauran duk jefi-jefi suke ganinsa, wasu ma sai a shekara ba a haɗu ba. Dalilin a fili yake. Aminanka da 'yan gidanku majalisarku ɗaya, abin da suka ji kai ma ka ji. Wanda yake nesa da kai shi ne yake shiga inda ba ka shiga.

A 2022 mujallar Science ta buga wani binciken da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, ya kuma ƙara wani haske. Alaƙar da ta fi kawo aiki ita ce matsakaiciya: ba ta shaƙuwa ba, ba kuma wadda ta yi nisan da babu komai a tsakani ba. A nan godiya take da aiki. Mutumin da aka haɗu da shi sau ɗaya a mota baƙo ne, gobe ma ba lallai ya tuna fuskarka ba. Saƙon godiya ne yake mayar da shi wanda aka sani, wanda in ya sake jin wani gurbi zai tuna da kai.

A ɗauki misalin wata matashiya da ta gama bautar ƙasa, ta shiga mota daga Kano zuwa Zariya. Hira ta haɗa ta da wata dattijuwa, ta gaya mata cewa wata makarantar kuɗi na neman malamar lissafi kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu. Kafin su rabu a tasha ta nemi lambarta cikin ladabi. Da dare ta rubuta mata: "Assalamu alaikum Hajiya, barka da dare. Ni ce yarinyar da muka zauna tare a motar Zariya ɗazu, wadda kika faɗa wa maganar koyarwa. Na gode ƙwarai da kika tuna da ni alhali ba ki san ni ba. In sha Allahu gobe da safe zan kai takarduna. Allah Ya saka da alheri, Ya raya zuri'a."

Saƙon gajere ne, amma ya yi abin da ake buƙata. Ta tuna wa Hajiya ko ita wace ce, domin mai lambobi ɗari a waya ba za ta gane "na gode" daga baƙuwar lamba ba. Ta ambaci ainihin abin da aka yi mata. Ta kuma nuna cewa maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba, tunda ta sa ranar zuwa. Mafi muhimmanci, ba ta jira sai an ɗauke ta ba. Wannan ne kuskuren da aka fi yi: mutum ya ce bari sai abin ya tabbata sannan ya yi godiya mai dalili. Ɗaukar ma'aikata kuwa yakan ja makonni, wani lokacin watanni, in kuma ba a dace ba sai kunya ta hana magana gaba ɗaya. Alhali Hajiya ta gama nata alherin tun a cikin mota, ɗauka ko rashin ɗauka ba a hannunta yake ba.

Saƙo na biyu yana zuwa ne bayan sakamako, kowane iri ne. In an dace, albishir ne, kuma mai nuni ya cancanci ya ji shi daga bakin mai shi. In ba a dace ba, layi biyu sun isa: "Hajiya, na je an yi mana ganawa, Allah bai nufa ba a wannan karon, amma na ƙaru sosai. Na gode." Irin wannan saƙon ne, a ganin mai wannan rubutu, ya fi na farko daraja, domin yana nuna cewa godiyar ba ta dogara da samu ba.

Masu jin nauyin aikawa, kada a ce sun cika naci, akwai abin da zai kwantar musu da hankali. A 2018 Amit Kumar da Nicholas Epley sun sa mutane rubuta wasiƙun godiya, sannan suka tambayi waɗanda aka aika wa. Masu rubutun sun zaci abin zai zama da nauyi fiye da yadda ya kasance, sun kuma raina irin farin cikin da zai jawo. Bahaushe dama ya ce yaba kyauta tukwici, kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya haɗa godiyar mutane da godiyar Allah.

Abin da yake ɓata godiya shi ne a goya mata sabuwar buƙata. "Na gode, don Allah ki yi mini magana da shugaban makarantar, ko kuma ki taimaka da kuɗin mota." Wanda ya karanta haka zai ji kamar ya jawo wa kansa kaya, gobe ko ya ji labarin gurbi sai ya yi shiru. Haka ma kiran waya ba dare ba rana, ko ambaton sunan mutum a wurin ganawa ba da izininsa ba, kamar shi ya turo ka.

Akwai kuma iyaka da ya kamata a sani. Mai nuni na gaskiya yakan faɗi sunan wurin da ranar rufewa, ya bar ka ka je ka gani da idonka. Wanda ya biyo bayan godiyarka da cewa a turo kuɗin fom ta asusunsa, ko na "riƙe gurbi", ko ya nemi lambar BVN da lambar sirrin da banki ya turo, ba taimako ya zo yi ba. A nan sai a katse magana, a tuntuɓi ma'aikatar kai tsaye.

Mai neman aiki da wani ya taɓa yi wa nuni, ko da an kwana biyu, ya duba wayarsa. In lambar tana nan, ya rubuta yau, ya faɗi inda suka haɗu da yadda maganar ta ƙare.