Imel ɗin da ake turawa kafin a biya kafin alƙalami

A ce ɗan kasuwa a Kano ya daidaita da wata masana'antar tayil a Foshan, birnin da ya yi suna da wannan sana'a a kudancin Sin. Kwantena ɗaya ce mai ƙafa 20, katan 900, kuɗinta dala 8,000. Masana'anta ta nemi kashi 30 cikin ɗari tukuna, wato dala 2,400. Kafin kuɗin nan su bar hannunsa, duk abin da ya nema za a saurare shi. Da zarar sun shiga asusunsu, sai dai ya yi roƙo. Shi ya sa nake ganin imel ɗin da zai rubuta a wannan gaɓar ya fi duk cinikin da aka yi ta waya nauyi.

Abu na farko shi ne inda alhakin mai sayarwa ya ƙare. Akwai ƙa'idojin da Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ta tsara, Incoterms, waɗanda aka sabunta a 2020, kowace da haruffa uku. A EXW, mai saye ne ke ɗaukar kaya tun daga ƙofar masana'anta. A FOB, mai sayarwa zai kai su har cikin jirgi a tashar ƙasarsa. A CFR zai kuma biya kuɗin jirgi zuwa tasharmu.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Sukan ɗauka tunda mai sayarwa ne ya biya kuɗin jirgi, kayan suna wuyansa har Legas. Ba haka ba ne. A CFR, kamar a FOB, asara tana komawa kan mai saye tun lokacin da kaya suka hau jirgi a can. In kwantena ta faɗa teku, ta ɗan Kano ce ta faɗa. Don haka inshora wajibi ce, kuma dokar Nijeriya ta ce kamfanin cikin gida za a yi wa kayan shigowa inshora da shi. Haruffan ma su kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da sunan tasha:

```
CFR Apapa, Lagos, Incoterms 2020
```

Ya tambaye su kuma kwana nawa kamfanin jirgi ya yarda kwantena ta zauna bayan isowa kafin a fara cajin jinkiri, domin wannan cajin yana cinye riba a ɓoye.

Sai ɗaurin kaya. Tayil mai faɗin santimita 60 kowane gefe yakan zo huɗu a katan, nauyinsa kusan kilo 29. Katan 900 ya haura tan 26, ya kusa iyakar abin da kwantenar za ta ɗauka, tun ba a ƙara nauyin katakon da ake jera su a kai ba. A nan wasu masana'antu kan cire katakon, su jibge katan a ƙasa don kaya su shiga da yawa. Tayil ɗin da zai sha makonni a teku, sannan tirela ta ja shi daga Legas zuwa Kano, ba zai jure haka ba. Imel ɗin ya faɗa ƙarara: a jera a kan katako, a ɗaure da igiyar roba, a kare kusurwoyi, katakon kuma ya ɗauki hatimin ISPM 15 mai nuna an kashe ƙwarin cikinsa. A rubuta lambar launi a jikin kowane katan, duka ɗari taran kuma su fito daga gashi ɗaya, domin tayil iri ɗaya yakan bambanta launi daga wannan gashi zuwa wancan, ba a kuma ganewa sai magini ya shimfiɗa.

Duba kaya kuwa ba ya da amfani in ba a ɗaure shi da kuɗi ba. Kamfanoni irin su SGS da Intertek suna tura ma'aikaci masana'anta, ya zaɓi katan da kansa, ya buɗe, ya gwada da samfurin da aka amince da shi, ya ɗauki hoton lodi da lambar hatimin kwantena. Sharaɗin da za a rubuta shi ne: ragowar dala 5,600 ba za su fita ba sai rahoton ya nuna kaya sun yi daidai, in kuma ba su yi ba, gyara da kuɗin sake dubawa na masana'anta ne. Wannan daban yake da SONCAP, takardar ingancin da hukumar SON ke buƙata. Ita ma a fayyace wa zai nemo ta da wa zai biya, sannan ɗan kasuwa ya buɗe Form M a bankinsa kafin a yi lodi.

Amsar "babu matsala, abokina" ba amsa ba ce. Ya nemi a mayar da kowane sharaɗi cikin takardar farashi mai hatimin kamfani, ya tabbata sunan asusun banki ɗaya ne da sunan da ke kanta. In wani imel ya zo daga baya yana cewa an canza asusu, ya dakata, ya kira su ta lambar da ya sani tun farko.