Yadda ake koya wa kwamfuta hannun kamfani

Kowane kamfanin zanen gine-gine da ya daɗe yana aiki yana da hannunsa. Kafin a aza tubalin farko, sukan nuna wa mai gida hoton da aka haɗa a kwamfuta na yadda ginin zai kasance, kuma wanda ya saba da su yakan gane aikinsu tun daga nesa: irin hasken la'asar da suke so, launin bango, tsawon inuwa, inda suke tsayar da idon mai kallo. Manhajojin da ke ƙirƙirar hoto daga rubutu ba su san wannan hannun ba. Ka ce su zana maka gida, sai su kawo mai ƙyalli wanda ba na kowa ba.

Dabarar da ake kira LoRA ce ke cike wannan giɓin. Masu bincike a Microsoft suka fito da ita a 2021 domin manhajojin rubutu, daga baya masu hoto suka ɗauka. Babbar manhaja irin SDXL, wadda ta fito a 2023, ta kusa gigabayit 7. Ba a taɓa ta, sai dai a horar da ɗan ƙaramin fayil, sau da yawa bai kai megabayit 200 ba, wanda ake ɗora mata ya karkatar da hannunta.

A ce wani kamfani a Kano yana da tsofaffin hotuna 300. Kuskuren farko shi ne a zuba su duka. Gara a zauna a tace 40 waɗanda suka fi nuna salon da ake so yanzu, su kasance gine-gine iri-iri: gida, makaranta, asibiti, rukunin shaguna. A yanke tambarin kamfani da duk wani rubutu daga jikinsu, kowanne kuma kada ya gaza fiksel 1024. Hoton da mai gida bai yarda a fitar ba a ajiye shi gefe, musamman idan kwamfutar haya ta intanet za a yi aikin da ita.

Inda aikin yake da gaske shi ne bayanin da ake rubuta wa kowane hoto, kuma a ganina nan aka fi yin sakaci. Ana ƙirƙiro wata kalma marar ma'ana a sa ta a farkon kowane bayani, sannan a faɗi abin da ke cikin hoton:

```
knxstyle, two-storey school, courtyard, neem tree, white car, evening
```

Duk abin da aka ambata, manhajar takan jingina shi ga sunansa. Abin da ba a ambata ba amma yana ta maimaituwa, sai ta liƙa shi a jikin baƙuwar kalmar. Saboda haka ake ambaton bishiya da mota da yawan bene, a yi shiru a kan laushin haske da haɗin launi, domin su ne ake so kalmar ta haɗiye. Idan hotuna 30 cikin 40 suna da farar mota a ƙofa kuma ba a rubuta ta ba, to manhajar za ta ɗauka motar ma salo ce. Ka nemi masallaci, ka ga mota a farfajiya.

Horon kansa lissafi ne mai sauƙi. A manhaja irin kohya_ss, hoto 40 a maimaita kowanne sau 5 a zagaye 10, ana nuna ɗaya-ɗaya, ya zama taku 2,000. Da yawa sukan fara da `network_dim` 16 ko 32 da `learning_rate` na `1e-4`. A riƙa ajiye fayil a ƙarshen kowane zagaye, don na ƙarshe ba lallai shi ne mafi kyau ba.

Sai gwaji. A nemi ginin da babu irinsa cikin 40 ɗin, kamar tashar mota, a gwada kowane fayil da rubutu ɗaya da lambar `seed` ɗaya. Idan hoton bai bambanta da na manhajar asali ba, horon bai isa ba. Idan tashar ta fito da fuskar makarantar da kamfanin ya zana a baya, launi ya ƙone, gefuna suka yi kaifi, to ta daina koyo ta koma hadda. Sai a koma fayil na zagaye na 6 ko na 7, ko a rage masa ƙarfi zuwa 0.7.

Abin da LoRA ba za ta yi ba shi ne gini. Ba ta san awo ba, tana iya ƙara taga ko ta tsayar da ginshiƙi a iska. Shi ya sa ake haɗa ta da ControlNet: a fitar da layukan ainihin ginin daga manhajar zane, ControlNet ya riƙe siffar, LoRA ta shafa haske da launi. Ko da hakan, kafin hoton ya je hannun mai gida, sai wanda ya zana ginin ya aza shi kusa da taswirarsa ya ƙirga tagogi da ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.