Me ya sa bayan hoto ke zama fili idan an goge shi, kuma wane fayil ne ke iya riƙe shi haka?

Kowane hoto da ke cikin waya ko kwamfuta mai kusurwa huɗu ne, ko da abin da aka ɗauka zagayayye ne kamar faifai. Hoton jerin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel, an jera su layi bisa layi. Hoto mai faɗin fiksel 1,000 da tsawon fiksel 1,000 yana da ɗigo miliyan ɗaya cif, kuma babu ɗigon da za a iya zarewa a bar rami a gurbinsa. Saboda haka idan mai aikin zane ya ce ya goge bayan hoto, ɗigogin suna nan a mazauninsu. Abin da ya yi shi ne ya umarce su da kada su bayyana.

Launin kowane ɗigo lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Idan duka ukun 255 ne, ɗigon fari ne fat. Idan duka 0 ne, baƙi ne wuluk. A cikin waɗannan lambobi uku babu hanyar cewa "nan babu komai", domin farin ma launi ne, sifilin kuma baƙi ne. Wannan ne ya sa aka ƙara lamba ta huɗu, wadda ake kira alfa. Alvy Ray Smith da Ed Catmull ne suka fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da suke aiki a wata cibiyar fasaha ta New York, sannan a 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka wallafa lissafin haɗa hotuna da ita. Alfa ita ma daga 0 zuwa 255 take. Idan ta kai 255, ɗigon ya rufe abin da ke bayansa ruf. Idan ta sauka 0, ɗigon ya zama kamar gilashin taga mai tsafta, yana nan amma abin da ke bayansa kawai ake gani. Goge bayan hoto na nufin mayar da alfar waɗannan ɗigogi zuwa 0.

Ƙananan murabba'ai masu launin fari da toka da ke bayyana bayan an goge ba sa cikin hoton. Manhaja ce ke shimfiɗa su don mai aiki ya gane inda ya zama fili. Ba sa fita a bugu. A nan ne masu ɗauko tambari daga intanet kan sha yaudara: wani hoton an zana masa murabba'an a jikinsa, da an ɗora shi kan fosta sai su biyo shi.

Amfanin alfa ya fi fitowa a bakin abin da aka yanke. A ce ana haɗa katin gayyatar ɗaurin aure, an yanko hoton ango sanye da jar dara. Gefen hular bai bi layin ɗigogi daidai ba, don haka wasu ɗigogin rabinsu hula ne, rabinsu bango. Manhaja kan ba irin wannan ɗigo matsakaiciyar alfa, a ce rabi. Idan launinsa ja 200 ne, kore 0, shuɗi 0, aka ɗora shi kan farin kati, kwamfuta za ta ɗauki rabin launin hular ta haɗa da rabin farin. Ja ya zama 100 da 128, wato kusan 228, kore da shuɗi kuma kowanne 128. Sakamakon ja ne mai haske, kusan ruwan hoda. Idan kan baƙin kati aka ɗora shi, sai ya koma 100, 0, 0, ja mai duhu. Ɗigo ɗaya ne, amma yana sajewa da duk inda aka ajiye shi, shi ya sa bakin hular, da gashin gemu, da lafayar amarya mai shara-shara ke fita sumul.

Matsala tana farawa ne wajen adanawa. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992 kuma kusan kowace kyamarar waya ke aiki da shi, ba shi da wurin ajiye lamba ta huɗu. Idan aka adana hoton angon a JPEG, dole manhaja ta cike filin da wani launi, yawanci fari, wani lokaci baƙi. Ɗigon bakin hular kuma ya daskare a 228, 128, 128 har abada. Da an ɗora hoton kan koren kati, sai ga ango cikin farin akwati. Ko an sake goge farin, za a ga wani siririn zobe mai haske ya kewaye hular da kafaɗu, domin an riga an cakuɗa farin cikin ɗigogin bakin. Canza sunan fayil daga .jpg zuwa .png ba ya dawo da komai.

PNG, wanda ya fito a 1996, shi ne abin dogaro a wannan aiki. Yana ajiye alfa mai cikakkun matakai 256, ba ya rage ingancin hoto wajen matse shi, kuma da wuya a sami na'urar da ba ta buɗe shi. Aibinsa nauyi: hoton mutum a PNG kan ninka takwaransa na JPEG girma sau da yawa. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, ya magance wannan, domin yana riƙe alfa kuma yana iya matse hoto ya yi sauƙi. Sitikar WhatsApp fayil ɗin WebP ne, shi ya sa take zama kan hira ba tare da akwati ba. Sai dai wasu tsofaffin manhajojin bugu ba su san shi ba.

GIF tsoho ne. Kamfanin CompuServe ya fitar da shi a 1987, ya ƙara masa damar barin fili a 1989. Launuka 256 kacal yake ɗauka, kuma ɗigo a wurinsa ko ya bayyana gaba ɗaya ko ya ɓace gaba ɗaya, babu rabi. Bakin hular ango a GIF zai fito da zarto-zarto, don haka bai dace da hoton mutum ba. TIFF da AVIF suna riƙe alfa, haka ma PSD na Photoshop da XCF na GIMP, waɗanda su ne ya kamata mai zane ya ajiye a matsayin uwar aiki. Tambarin shago kuwa ya fi dacewa da SVG, wanda ke ajiye siffofi maimakon ɗigogi, duk inda ba a zana komai ba kuma fili ne tun asali.

Akwai wurare biyu da aikin kan lalace ba tare da an lura ba. Na farko cikin manhaja ne. Hoton JPEG da aka buɗe a GIMP ba shi da alfa, in aka goge sai launin baya ya cike wurin, har sai an zaɓi Add Alpha Channel. A Photoshop kuma sai an cire makullin shimfiɗar da aka rubuta wa Background. Na biyu wajen aikawa ne. WhatsApp kan mayar da hoton da aka tura ta hanyar da aka saba zuwa JPEG, filin ya cike. Mai son PNG ya isa wurin mai bugu yadda yake sai ya tura shi a matsayin Document.

Manhajar duba hotuna kan nuna fili da fari ko baƙi, don haka kallo kawai ba ya isa shaida. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ɗora hoton kan shafi mai launi mai ƙarfi, kore ko shuɗi, kafin a kai shi bugu. Idan launin ya kai har bakin hula ba akwati ba zobe, alfa tana nan.