Launi Nawa Ne a Cikin Ganyen Alayyafo?

Ido ya ce kore ne kawai. Amma idan aka daka ganyen alayyafo da ɗan asiton, aka ɗiga ruwan a kan fallen silika, cikin minti goma za a ga launuka huɗu ko biyar sun jeru, wani bisa wani. Masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara raba launukan ganye ta irin wannan hanya a 1903, da garin alli a cikin bututu. Yau ɗakunan gwaji sun fi amfani da kiromatogirafi na siririn shimfiɗa, wato fallen alminiyam ko gilashi da aka shafe da garin silika.

Aikin ba shi da wuya, sai dai yana son natsuwa. Ana ja layi da fensir santimita ɗaya daga ƙasan fallen. Biro ba ya yi, domin tawadarsa ma za ta narke ta hau. A kan layin ake ɗiga ruwan ganyen da siririn bututu, a bari ya bushe, a sake ɗigawa a wuri guda har ɗigon ya yi duhu ba tare da ya yi faɗi ba. Sai a tsayar da fallen a kwalba mai murfi, wadda ruwan sinadarin da ke cikinta bai wuce rabin santimita ba. Idan ruwan ya taɓa ɗigon, launin zai wanke a cikin kwalbar, aikin ya lalace ke nan. Ruwan zai riƙa hawa kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Kafin ya kai ƙarshe a ciro fallen, a yi maza a ja layi inda ya tsaya, don nan da nan yake bushewa.

Me ke raba launukan? Silika na riƙe duk sinadarin da ke da ɗabi'ar ruwa, tana sakin mai ɗabi'ar maiƙo. Karotin, mai ruwan lemo, kabon da haidurojin ne zalla, silika ba ta samun inda za ta kama shi, shi ya sa yake kan gaba. Kulorofil a, kore mai ɗan shuɗi, yana tsakiya. Kulorofil b na bayansa, saboda ƙarin oksijin ɗaya da ke jikinsa yana sa silika ta ɗan riƙe shi. Su zantofil, masu ruwan ɗorawa, su ne a ƙasa.

Ana auna tafiyar kowanne da lissafin Rf:

```
Rf = nisan launi ÷ nisan ruwa
```

Duka biyun daga layin fensir ake aunawa, kuma tsakiyar ɗigon ake dubawa. A ce ruwan ya hau santimita 8. Karotin ya kai 7.6, Rf ɗinsa 0.95 ne. Kulorofil a ya tsaya a 4.4, ya ba da 0.55, kulorofil b a 3.6, ya ba da 0.45. Adadin ba ya wuce 1, wanda ya samu fiye da haka ya juya lissafin ne.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar wannan adadi kamar sunan yanka na launin. Sauya ruwan kwalbar, adadin ya sauya. A ganina, Rf da aka rubuta ba tare da an faɗi haɗin ruwan ba, ba shi da amfani ga kowa.

Zaɓen ruwan nan shi ne gwanintar. Zuba hekzen zalla, karotin kaɗai zai motsa, koren ya maƙale a layin farko. Zuba asiton zalla, duk su kwashe su taru a sama wuri ɗaya. Don haka ake haɗawa, kuma kashi 7 na hekzen da kashi 3 na asiton mafari ne mai kyau. Fallen da kansa zai nuna gyaran da ake bukata: in launukan sun cunkushe a ƙasa, a ƙara asiton kaɗan, in sun ruga sama, a rage shi. Abin nema shi ne kulorofil ɗin biyu su faɗo wajen tsakiya, da farin fili a tsakaninsu.

Wannan haɗin ma yana da iyaka. Jan launin zoɓo, antosayanin, mai son ruwa ne ƙwarai, ko gezau ba zai yi a cikinsa ba. Shi sai haɗin butanol, asid ɗin asetik da ruwa.

Kurakurai kuwa suna barin shaida. Launi ya ja dogon jela maimakon ɗigo, an cika ruwan ganyen ne, ko akwai danshi a cikinsa. Layin ruwa ya karkace, fallen bai tsaya daidai ba, ko gefensa ya goge. Ɗigo mai ruwan toka a saman kulorofil a alama ce wani ɓangaren kulorofil ya rasa maganiziyam ɗinsa, yawanci saboda ganyen ya kwana ko ya sha zafi. A zagaye kowane ɗigo da fensir tun yana sabo, domin haske na kashe launin. Hekzen da asiton kuma suna kama wuta da sauri, sai a yi aikin inda iska ke shiga, nesa da murhu.